Minti Biyu a Gaban Butar Shayi

Mu 'yan ajin manya na ranar Asabar mun san wata matsala da ba kasafai muke faɗinta a gaban Malama ba. Tsakanin Asabar da Asabar akwai kwana shida, kuma a cikin kwanakin nan shida littafin Larabcin yawancinmu ba ya fita daga jaka. Idan an tashi daga aji Malama takan ce, "'Yan uwa, a riƙa ɗan dubawa a gida ko da kaɗan ne," mu kuma mu amsa da insha Allahu, kuma har zuciya muke faɗa. Sai Asabar ta zagayo, a buɗe shafin da aka tsaya, kalmomin da muka sani sarai makon jiya su riƙa kallonmu kamar baƙi. Rabin lokacin darasi yakan tafi wajen dawo da abin da ya zube a hanya.

Ba rashin so ba ne, domin wanda ba ya so ba zai fito cikin sanyin Janairu ya hau bas biyu don ya zauna a aji ba. Abin da na lura shi ne, "a riƙa dubawa a gida" ba ta da lokaci, ba ta da wuri, ba ta da iyaka. Aikin da ba shi da waɗannan ukun kuwa kullum sai an yanke shawara a kansa: yanzu ko anjima, a falo ko a ɗaki, shafi ɗaya ko biyar. Mutumin da ya dawo daga aiki ya tarar da girki da aikin makarantar yara ba shi da sauran ƙarfin yanke wata shawara. Shi ya sa nake so in ba da labarin wasu dabaru biyu da suka sa yanzu nake buɗe littafi kowace safiya, da yadda na auna su da rayuwar wannan gari, domin Landan tana da nata sharuɗɗan da littattafan da suka kawo dabarun ba su yi la'akari da su ba.

Dabara ta farko ita ake kira ƙa'idar minti biyu. Asalinta daga wani Ba'amurke ne, David Allen, a littafinsa Getting Things Done na 2001, inda manufarsa ita ce duk ƙaramin aikin da ba zai wuce minti biyu ba a yi shi nan take, kada a ajiye. Daga baya James Clear, a littafinsa Atomic Habits na 2018, ya juya ta zuwa wani abu daban: idan za ka fara wata sabuwar ɗabi'a, ka rage ta har ta zama abin da za a gama cikin minti biyu. Dabara ta biyu ita ce ɗaura sabon aikin a jikin wani tsohon aiki da ka riga ka saba yi kullum ba tare da tunani ba. Wannan ta fi alaƙa da B. J. Fogg na Jami'ar Stanford, kuma Clear ma daga wurinsa ya ɗauko. Ni dai a raina turke nake kiran tsohon aikin, domin aikinsa ke nan: akuyar da ba a ɗaure ba, duk inda ta ga dama nan za ta kwana.

Mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Duk wanda ya girma a gidan da ake tasbihi bayan sallame salla ya san cewa ba a tuna masa da ƙararrawa. Sallamar ce ke jawo tasbihin. Haka kuma akwai hadisin nan na Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim, mai nuna fifikon aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Abin da na samu a wurin waɗancan marubuta bai wuce awo ba: kaɗan ɗin nan, nawa ne, kuma a jikin me za a ɗaura shi.

Zaɓen turke shi ne inda na fi daɗewa, kuma ina ganin nan ne yawancin mutane ke cin nasara ko su faɗi. Abin da ya fara zo mini, kamar yadda zai zo wa kowa a cikinmu, shi ne salla. Sau biyar a rana, ba fashi, ba Asabar ba Lahadi. Amma da na ɗauko jadawalin salla na shekara na duba shi daga Janairu zuwa Disamba, sai na ga abin ba haka yake da sauƙi ba. A Kano magariba tana yawo ne tsakanin wajen ƙarfe 6 da ƙarfe 7 duk shekara, saboda haka kusan kullum a wuri ɗaya take samun mutum. A Landan kuwa, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:20 na dare, a Disamba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Wato magaribar da ke samuna a gida bayan cin abinci a lokacin zafi, ita ce ke samuna a wurin aiki a lokacin sanyi, ina sauri in sallame in koma. Littafin da na ajiye kusa da dardumata a gida ba zai bi ni can ba.

Asuba ma haka. A tsakiyar Yuni lokacinta yana shiga kafin ƙarfe 3 a jadawalin masallatai da yawa, rana kuma ta fito wajen 4:45. Mutum yakan tashi ne ido rabi a rufe, ya yi salla ya koma barci domin akwai aiki da safe. A wannan hali ba na jin zan iya bambance fi'ili da suna. A Disamba kuwa asuba ba ta shiga sai bayan ƙarfe 6, daidai lokacin da gida ya kacame da shirin makaranta. Ba sauyin agogo ne matsalar ba, domin turke ba ya buƙatar agogo. Matsalar ita ce wurin da sallar ke samun mutum da halin da take samunsa suna sauyawa, kuma ɗabi'a a jikin wuri da hali take kama saiwa. Wanda yake zaune a gida duk yini, ko wanda ya yi ritaya, salla za ta yi masa turke mai kyau ƙwarai. Ni ba ta yi mini ba.

Sai na zauna na rubuta abubuwan da nake yi kowace rana ta Allah, na riƙa yi wa kowanne tambaya uku. Shin ina yinsa har ranakun da ba aiki? Shin a wuri ɗaya nake yinsa? Shin a lokacin hannuna da idona suna sake? Goge haƙora ya ci tambaya biyu ya faɗi a ta uku, ban da cewa bayi ba wurin littafi ba ne. Kai yara makaranta ya faɗi tun a ta farko, domin ga Asabar da Lahadi ga hutun zango. Kwanciya barci, wadda mutane da yawa ke zaɓa, ta ci ukun a takarda, amma na san kaina: da na kai kan filo an gama. Abin da ya rage shi ne butar shayi. Kowace safiya, ko ina azumin nafila wani a gidan zai sha, nakan zuba ruwa a butar lantarki in danna makunninta, sannan in tsaya ina jira.

Butar ta zo mini da wata riba da ban nema ba. Irin butocin da ake sayarwa a ƙasar nan masu ƙarfin kilowat 3 suna tafasa lita ɗaya ta ruwan famfo cikin kamar minti biyu. Masu ƙarancin ƙarfi sukan kai uku. Ke nan abu ɗaya ya zama mini turke kuma ya zama agogo. Ba sai na saita komai a waya ba, wanda yake da muhimmanci, domin da ma wayar ce mai waɗannan mintuna biyun. Kowa ya bincika kansa zai ga cewa babu wani lokaci a yininsa da yake fili fetal; duk ɗan jiran da kake gani, akwai wanda ya riga ya mallake shi, kuma yawanci saƙonnin dangi ne daga gida. Saboda haka wani ɓangare na shirin shi ne wayar ta kwana a ɗaki tana caji, kada ta riga ni shiga kicin.

Na rubuta jimla ɗaya a ƙaramar takarda na manna a jikin kabad: idan na danna makunnin buta, zan buɗe littafi inda fensir yake in karanta har ta kashe kanta. Na kula sosai da yadda na tsara jimlar. Ban rubuta "da safe" ba, domin safiya tana da faɗi, mutum zai iya tura abu daga bakwai zuwa goma sha ɗaya yana cewa har yanzu safiya ce. Danna makunni kuwa abu ne na daƙiƙa ɗaya, ko an yi ko ba a yi ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a 1999 a kan irin wannan niyya mai siffar "idan kaza ya faru zan yi kaza", inda ya nuna cewa ta fi niyyar da ba a ɗaure ta da wani yanayi ba saurin zama aiki. Dalilin a fili yake: an riga an yanke shawarar tun jiya, yau sai bi kawai.

Littafin da na zaɓa shi ne juzu'in farko na Ƙisasun Nabiyyin na Shaihu Abul Hasan Ali Nadawi, malamin nan na Indiya da ya rasu a 1999. Don yara ya rubuta shi, jimlolinsa gajeru ne, duk kalmomin da wasali, kuma yana yawan maimaita kalma ɗaya a jimloli da dama a jere har ta zauna. Ya fara da ƙissar Annabi Ibrahim, alaihis salam, wadda duk mun sani tun muna yara, saboda haka ko kalma ta ɓace mini labarin ba ya ɓacewa. Wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne. Minti biyu ba sa isa a yi kokawa da littafi. Idan littafin ya fi ƙarfinka, mintuna biyun za su ƙare a kan jimla ɗaya, ka rufe da ɓacin rai, gobe kuma hannunka ya yi nauyi. Awon da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan a layi biyar akwai kalmomin da ban sani ba fiye da uku ko huɗu, littafin na aji ne, ba na gaban buta ba. Wanda kuma burinsa karatun Hausa ne, don kada harshen ya kuɓuce masa ko wa 'ya'yansa, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta dace da wannan aiki, tunda labarai ne gajeru cikin babban labari, kullum akwai abin da zai ja ka zuwa gobe.

Wurin ajiye littafin ma na yi tunaninsa. Yana kan kanta ta sama, daidai saman gwangwanin ganyen shayi, nesa da tururi da maiƙo, kuma sama da komai saboda akwai ayoyi a ciki. Alƙur'ani kansa ban kai shi kicin ba, yana da nasa wuri da nasa ladabi. Muhimmin abu shi ne daga inda nake tsaye hannuna yana kaiwa ga littafin ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Da yana cikin jakar aji a bayan ƙofa, da ɗauko shi kaɗai ya cinye rabin lokacin, kuma a kan hanya yaro zai tare ni da tambayar ina safarsa.

Ga yadda mintuna biyun suke tafiya. Fensir yana kwance a shafin da na tsaya, da ɗan ɗigo a ƙarshen layin jiya. Nakan koma layi ɗaya baya in kama zaren, sannan in ci gaba, ina furtawa a hankali yadda kunnena zai ji. A makon farko layi huɗu zuwa biyar nake samu kafin buta ta yi ƙas. Idan na haɗu da kalmar da ban sani ba, sai in ja mata layi in wuce. Ba na buɗe ƙamus. Na hana kaina wannan ne saboda ƙamus ɗina a waya yake, kuma duk wanda ya buɗe waya don kalma ɗaya ya san inda zai tsinci kansa. Kalmomin da na ja wa layi ranar Asabar nake kai wa Malama, ko in duba su da yammacin Juma'a. Sau da yawa kafin Asabar ɗin ta zo littafin da kansa ya maimaita kalmar har na gane ta.

Abin da ya fi ba mutane mamaki idan na faɗa shi ne, a makonni biyun farko, da buta ta kashe kanta nake rufe littafin, ko da ina jin daɗin labarin. Wata 'yar ajinmu ta ce mini, "Haba Hajiya, ga ki kin samu kan karatu, kuma ki rufe? Ai wannan asara ce." Na ce mata ba karatun nake koya wa kaina a makonnin nan ba, ɗauko littafin nake koya. Idan ranar Litinin na zarce na yi minti ashirin, ranar Talata zuciyata za ta ɗauka cewa farashin buɗe littafi minti ashirin ne, kuma ranar Talata ba ni da su. Wahalar karatu ga mai farawa ba a tsakiyarsa take ba, a bakin ƙofa take. Ƙa'idar minti biyu tana sauke farashin shiga ne har ya zama babu ranar da za ka ce ba ka da shi, ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

To yaushe abin ke zama jiki? Mutane suna yawan cewa kwana 21, amma wannan adadi ba daga binciken ɗabi'a ya fito ba. An jingina shi ne ga wata magana ta wani likitan fiɗa, Maxwell Maltz, a littafinsa na 1960, game da tsawon lokacin da marasa lafiyarsa ke ɗauka kafin su saba da sabuwar kamarsu. Binciken da ya auna abin kai tsaye a nan garin aka yi shi, a University College London. Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramin aiki ɗaya na ci ko sha ko motsa jiki, ya ɗaura shi a wani lokaci na yininsa, kamar bayan karin kumallo, yana kuma ba da rahoton yadda aikin ke zo masa ba tare da tunani ba. An buga sakamakon a mujalla a 2010. Tsaka-tsakin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zauna kwana 66 ne, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254 bisa lissafinsu. Ba karatu suka auna ba, kuma sun ga cewa aikin da ya fi wuya ya fi daɗewa, don haka kada mai karatun baƙon harshe ya sa ran zai kasance cikin masu sauri. Abin da ya fi kwantar mini da hankali a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Ni a wurina alamar farko ta zo ne wajen mako na bakwai. Na lura cewa na daina kallon takardar da na manna, kuma wata safiya na tsinci littafin a buɗe a hannuna ban tuna lokacin da na ɗauko shi ba. Alama ta biyu ta fi ƙarfi: ranar da aka ɗauke littafin aka kai falo, na tsaya gaban buta ina jin wani abu ya ɓace, kamar wanda ya fita ba agogo a hannu. Waɗannan su ne alamun da za a nema, ba yawan shafuka ba. Ina da ɗan kalanda a jikin firij da nake sa wa ɗigo, amma ba don in yi alfahari da jerin kwanaki ba. Amfaninsa shi ne ya nuna mini ranakun da ake faɗuwa. Idan ɗigon ya ɓace nan da can ba tsari, rayuwa ce kawai. Idan kuwa kullum Asabar da Lahadi ne, ko kullum ranakun aikin dare, to turken ne ba ya nan a waɗannan ranaku, kuma ƙara azama ba zai gyara shi ba, sai an sake turke.

Misalin wannan shi ne wata 'yar uwa a ajinmu da ke aikin kula da tsofaffi, mako ɗaya da rana mako ɗaya da dare. Ta gwada butar shayi ta ga ba ta yi mata ba, domin safiyarta ba iri ɗaya ba ce: wata safiyar tashi take yi, wata kuma dawowa take yi a gajiye. Da muka zauna muka bi yininta, sai muka ga abin da ba ya sauyawa shi ne bas ɗin zuwa aiki, ko da safe ko da yamma. Turkenta ya zama: idan na taɓa kati na zauna, zan ciro littafi kafin waya. Awonta kuma tasha biyu. Ranakun hutunta ba ta karantawa, kuma ta yarda da haka. Kwana huɗu ko biyar a mako da suke tabbas sun fi bakwai da ake fata.

Turke yana iya tsigewa gaba ɗaya, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya faru. Na farko azumi. A Ramadan babu shayin safe, saboda haka tun kafin wata ya kama na mayar da littafin ga butar sahur, na kuma bar shi a minti biyu cif, tunda watan na Alƙur'ani ne. Na biyu tafiya gida. Wendy Wood da abokan aikinta sun buga wani bincike a 2005 a kan ɗaliban da suka sauya jami'a, suka ga cewa ɗabi'u irin su karanta jarida da motsa jiki sukan yi rauni idan yanayin da aka saba yinsu a ciki ya sauya. Haka abin yake. A Kano ba ni ke dafa shayi ba, kafin in fito an riga an zuba a filas. Amma a can sai salla ta karɓi aikin da ta kasa yi mini a nan: asuba tana zuwa kusan lokaci ɗaya, a ɗaki ɗaya, gari kuma shiru. Na ajiye littafin a kan akwatina kusa da darduma, idan na naɗe ta sai in buɗe shi. Da na dawo Landan kuma, tun daren da na sauka na mayar da shi kantarsa kafin in kwance sauran kaya.

Sai dai a faɗi gaskiya game da iyakar abin. Minti biyu a kwana 365 minti 730 ne, wato awa 12 da 'yan mintuna a shekara guda. Ba wanda zai iya Larabci da awa 12. Wanda ya tsaya a nan har abada ya sami ɗabi'ar buɗe littafi, bai sami karatu ba, kuma na ga waɗanda suka mayar da ɗigon kalanda shi ne burin. Abin da mintuna biyun suka yi mini tun farko shi ne sun toshe yoyon da ke tsakanin Asabar da Asabar, kalmomi suka daina zama baƙi. Sauran ribar sai da aka ƙara lokaci.

Ƙarin kuwa ban yi shi da agogo ba, da wuri na yi shi. Bayan wata biyu, idan buta ta kashe kanta na zuba shayi, sai in tafi da littafin teburi maimakon in mayar da shi kanta, in ci gaba har kofin ya ƙare. Wannan yakan ba ni minti goma zuwa goma sha biyar a ranar da gida yake lafiya. Minti 15 a kullum ya haura awa 90 a shekara, kuma wannan adadi ne da ake ganin tasirinsa a aji. Amma ban ɗaga ƙa'idar ba. Har yau abin da na ɗora wa kaina minti biyu ne a tsaye. Zaman teburi nafila ce. Ranar da aka makara, ko aka wayi gari da rigimar takalmin makaranta, nakan karanta layukana a gaban buta in rufe, kuma ranar ta shiga lissafi daidai da kowace. Da na mayar da goma sha biyar ita ce farilla, da ranakun makara sun zama ranakun fashi, kuma fashi biyu a jere shi ne inda na ga ɗabi'ar mutane tana fara kwancewa. Idan na rasa rana ɗaya ba na ramawa da ninki washegari, domin ramuwa tana mayar da karatun bashi. Minti biyun gobe kawai nake tabbatarwa.

Game da yara, iyaye da dama sun tambaye ni ko za a iya yi musu haka da karatunsu na makarantar nan. Ana iyawa, da sharaɗi biyu. Turken ya zama nasu ne, ba naki ba, wato abin da yaron ke yi da kansa kullum, kamar ajiye kwanonsa a wurin wanki bayan abincin dare. Sannan idan an ce minti biyu, to minti biyu ne. Yaro yana saurin gane tarko: idan yau ya karanta layi uku da kyau kika ce "to ƙara shafi ɗaya mana," gobe sai an yi jan hannu kafin ya zo. Ƙaramar 'yata da layi uku na littafin haruffanta ta fara, a kan kujerar kicin, ni kuma ina wanke-wanke ina saurare. Kuskuren da ta yi ba na gyara fiye da ɗaya a zama, sauran nakan yi musu alama da fensir in bar wa malamarta ranar Asabar.